A Sa Sunansa Ko A Cire? Rigimar Aikin Rukuni Tsakanin Ɗaliban Zariya

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu na Samaru ko Kongo ko Gyallesu a makon da ake karɓar asaimen ya san wannan rigimar. An gama taifin, an daidaita shafuka, saura bangon gaba inda ake jera sunaye da lambobin rajista. Mai shago ya ɗora hannu a kan kwamfuta yana jira, ɗalibai uku sun tsaya a bayansa. Ɗaya ya ce, "Wallahi ba za a sa sunan wane ba, ko sau ɗaya bai zo ba." Wata ta ce, "Haba ɗan'uwa, a sa masa mana, kar mu zama sanadin kariyobansa." Na ukun yana duba waya, domin wanen ya turo saƙo tun da asuba: ga lambata nan, Allah ya bar zumunci.

A ganina tambayar da suke faɗa a kanta ita ce gurguwa. Bangon gaba amsa biyu kaɗai ya sani, ko sunanka yana ciki ka kwashi cikakken maki, ko ba ya ciki ka tashi da sifiri. Aikin da mutum shida suka yi a mako huɗu kuwa bai rabu gida biyu haka ba. Akwai wanda ya yi da yawa, akwai wanda ya yi kaɗan, akwai wanda ya yi abin da ba a gani, akwai wanda ya biya kuɗi ya ɗauka ya fanshi kansa. Muddin hukuncin da ke hannu bai wuce "a sa" ko "a cire" ba, dole a zalunci wani, kuma yawanci kara ce ke yin nasara: a sa kowa, waɗanda suka sha wahala su haɗiye, a rabu ana gaisawa sama-sama har ƙarshen zango.

Kada a raina abin da ake faɗan a kansa. A yawancin jami'o'inmu makin kwas 100 ne, jarrabawa ta ɗauki 60 ko 70, sauran 40 ko 30 na gwajin cikin zango ne, kuma malami na iya ware 10 ko 20 daga ciki don aikin rukuni. A tsarin daraja biyar, daga 70 zuwa sama A ce mai daraja 5, daga 60 zuwa 69 B ce mai daraja 4, daga 50 zuwa 59 C ce mai daraja 3. Ɗalibar da ta tara 53 a jarrabawa da tes, in rukuninta ya samu 14 cikin 20, ta tsaya a 67. Da maki uku aka ƙara mata bisa aikin da ta yi da hannunta, da ta taka 70. A kwas mai nauyin 3, wannan shi ne bambancin daraja 12 da 15, kuma irin waɗannan 'yan ukun-ukun ne ke taruwa su yanke wa mutum matakin digirin da zai fita da shi. Don haka idan ta yi fushi, ba ƙaramar magana ta yi wa fushi ba.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne cima-zaune a rukuni ba lallai mutumin banza ba ne. Tsarin aikin ne ke haifar da shi. Wani injiniyan noma Bafaranshe, Max Ringelmann, ya wallafa wani gwaji a 1913: ya sa mutane su ja igiya, ɗaiɗai sannan a tare, yana auna ƙarfin jan. Da aka kai mutum takwas, abin da kowane ɗaya ke bayarwa ya sauka zuwa kusan rabin abin da yake bayarwa shi kaɗai. Ana iya cewa ai rashin haɗa hannu ne, wannan ya ja, wancan bai shirya ba. Sai a 1979 Bibb Latané da Kipling Williams da Stephen Harkins a Amurka suka toshe wannan uzurin. Suka ɗaure wa ɗalibai ido, suka sa musu abin ji a kunne, suka ce su yi ihu iya ƙarfinsu. Wani lokaci a ce wa ɗalibi tare da wasu yake ihun alhali shi kaɗai ne, kuma ihun nasa ya ragu duk da haka. Da suka sake gwajin daga baya, aka ba kowa makirfonsa aka shaida masa ana auna muryarsa daban, raguwar ta ɓace.

Bahaushe bai jira Bature ya gaya masa wannan ba. Dubi gayya. Samari ashirin a gonar mutum ɗaya, ba wanda za a biya, amma ba ka ganin mai laɓewa, saboda kowa da kunyarsa: an jera a bakin gona, kowa ya kama layinsa da garma, wanda aka bari a baya duk gari na kallonsa, makaɗi kuma yana kiran sunan wanda ya fara kaiwa ƙarshe. Kunyar gona ce ke jawo kunyar ido. Aikin rukuni na jami'a gayya ce da aka share kunyoyinta. Wakilin aji ya ɗauki jerin sunaye ya yanka shida-shida ko goma-goma bisa lambar rajista, mutanen da ba su taɓa gaisawa ba suka zama rukuni, malami zai karɓi takarda ɗaya ya ba da maki ɗaya. Ba layin da za a nuna a ce wannan na wane ne.

Akwai kuma abu na biyu, wanda ya fi na farko haddasa gaba. Kowa yana ganin shi ya fi yin aiki, kuma ba ƙarya yake yi da gangan ba. Michael Ross da Fiore Sicoly a Kanada sun nuna haka a 1979, inda suka tambayi ma'aurata, miji daban mata daban, kason da kowa ke ɗauka a ayyukan gida. In aka haɗa abin da biyun suka faɗa, sau da yawa sai ya haura ɗari bisa ɗari. Dalilin mai sauƙi ne. Daren da ka kwana kana taifin da fitilar waya kana tuna shi minti-minti, amma rana ukun da abokiyar aikinka ta yi tana bin layi da takardun tambaya ba ka gani ba, jimla ɗaya ce kawai a wurinka: "ta kawo takardu." Ka gwada a kowane rukuni, ka ce kowa ya rubuta kasonsa a ɓoye, ka haɗa. Shi ya sa ba a taɓa raba wannan gardama da "ni na yi kaza." Kowa gaskiyarsa yake faɗa, rabinta.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce rukunin mutum shida ne a aji biyu, an ba su mako huɗu su yi ɗan bincike a kan 'yan ga-ruwa a wata unguwa: takardar tambaya 60, rahoto mai shafi 15, da gabatarwa a gaban aji, duka a kan maki 20. A zaman farko aka ce kowa ya cike takarda 10. Ba a rubuta komai ba, ba a sa rana ba, an dai buɗe zaure a WhatsApp.

Shugabar rukuni ta tsara tambayoyin, ta cike nata 10, ta rubuta yawancin rahoton. Mai kwamfuta ya cike nasa, ya shigar da amsoshi, ya fitar da jadawali, ya yi taifin. Akwai matar aure mai goyo da ke zuwa daga Tudun Wada, wadda ba ta taɓa halartar zaman bayan magariba ba, amma ta cike nata 10 ta ƙara da 10 na wani. Akwai mai baki, wanda bai taɓa fashin zama ba, ya kawo takardunsa a makare, sashen da aka ba shi ya kwafo daga intanet har sai da shugaba ta sake rubutawa, amma shi ya tsaya gaban aji ya yi bayani mai kyau. Akwai mai shago a Sabon Gari, da suke kira Alhaji don tsokana, ya kawo takarda 6 cikin 10, sannan ya biya duk kuɗin fotokwafi da firintin da ɗinki, naira 9,000. Sai na shida, wanda ya ɓace tun zaman farko, ya bayyana ana saura kwana biyu, ya karɓi rahoto ya kai ɗinki.

In ka tambayi shugaba a daren ƙarshe, cima-zaune uku za ta lissafa, har da mai goyo, domin ita zaman dare take ƙirgawa. In ka tambayi mai goyo, za ta ce kashi ɗaya cikin uku na bayanan da aka gina rahoton a kai daga hannunta suka fito, kuma gaskiyarta. Mai baki zai ce shi ya ceci rukunin a gaban Malam. Alhaji zai ce, "To da wa zai biya?" Ga tushen rikicin: abu uku ne daban aka zuba a ƙwarya ɗaya ana kiran su aiki, wato zuwa zama, da kuɗi, da abin da mutum ya samar.

Kuɗin shi ya fi sauƙin warwarewa, kuma shi ya kamata a fara fitarwa. Naira 9,000 a raba shida, 1,500 kowa. Abin da Alhaji ya biya wa sauran bashi ne, a mayar masa da 7,500, magana ta ƙare. Ranar da aka bar kuɗi ya tsaya a madadin aiki, an sayar da maki ke nan, ko da ba wanda ya furta kalmar. Na san ana yi, kuma na san dalili: ɗalibin da kuɗin abincinsa na mako bai kai abin da ake nema ba zai ji daɗi a ce wani ya ɗauke masa. Amma wannan yarjejeniya kullum mai ƙaramin ƙarfi take mayarwa lebura. In akwai wanda ba shi da halin biya, a yafe masa a matsayin taimako, kada a rubuta masa ƙarin aiki a madadin.

Zuwa zama kuma ba shi ne aiki ba, hanya ce ta yin aiki. Rukunin da ke sa zamansa ƙarfe takwas na dare a cikin makaranta ya riga ya yanke wa matar aure, da mai zuwa daga Kwangila ko cikin Birni, da mai aikin albashi hukuncin zama cima-zaune tun kafin a fara. Ana ƙirga wa mutum fashin zama ne idan an sa lokacin da yardarsa.

Saura ainihin aikin, kuma a nan ne lissafi ke shigowa. Hanyar da jami'o'i da dama a duniya ke bi, har wasu sun mayar da ita manhaja irin WebPA da aka ƙirƙira a Jami'ar Loughborough ta Ingila, ita ce malami ya ba takardar maki ɗaya, sannan a karkatar da makin kowa bisa shaidar abokan aikinsa. Ba sai da manhaja ba, takarda da biro sun isa. Kowane ɗan rukuni yana da ƙuri'a 100 da zai raba wa sauran biyar, ban da kansa, a ɓoye, tare da jimla ɗaya ta dalili a gaban kowane suna. Cire kai daga rabon shi ne maganin waccan cuta ta "ni na fi yi." Ƙuri'u 600 ke nan gaba ɗaya, kuma wanda ya yi daidai rabonsa zai tashi da 100.

A ce da aka tara, shugaba ta samu 145, mai kwamfuta 130, mai goyo 115, mai baki 100, Alhaji 80, ɓatacce 30. A raba kowace lamba da 100, shi ne awon mutum: 1.45, 1.30, 1.15, 1.00, 0.80, 0.30. Malam ya ba rahoton 14 cikin 20. Sai a raba 14 gida biyu, 7 na kowa ne saboda takardar ta rukuni ce, ɗaya 7 ɗin a ninka shi da awon mutum.

```
makin mutum = 7 + (7 × awo)
```

Shugaba ta tashi da 17, mai kwamfuta 16, mai goyo 15, mai baki 14, Alhaji 13, ɓatacce 9, bayan an daidaita ɓurɓushi. Haɗa su, 84 ne, daidai da 14 sau shida. Malam bai ƙara ko maki ɗaya daga aljihunsa ba, rabon ne kawai ya sauya. Ga shugaba ta samu makin ukun nan da ɗalibar da ta tsaya a 67 take nema, ga mai goyo ta fito a sama da matsakaici duk da ba a taɓa ganin ta da dare ba, domin mai kwamfuta da ya shigar da takardu 20 masu rubutun hannunta ya san abin da ta yi.

Wani zai ce 9 ya yi wa ɓatacce yawa, kuma ina ganin ƙorafin yana da tushe. Me zai hana a ninka dukan 14 ɗin da awo? Gwada ka gani: ɓatacce ya koma 4, amma shugaba ta kai 20.3, ta haura rufin maki a kan rahoton da Malam da kansa ya ce na 14 ne. Ban da haka, in duk makin ya rataya a kan ƙuri'a, ƙuri'ar ta zama makami, kowane saɓani na hostal zai biyo ta nan. Rabi-da-rabi yana rage zafin kuskure. Iyakarsa ita ce an gina shi ne don mutanen da suka yi wani abu, ko yaya. Wanda bai taɓa komai ba sam, maganarsa ba ta lissafi ba ce, ta malami ce, kuma zan zo kanta. Wata ƙa'ida mai amfani: duk awon da ya faɗa tsakanin 0.9 da 1.1 a ɗauke shi 1. Bambancin ƙuri'a biyar ko takwas ba shaida ba ce ta komai, bai kai a ɓata zumunci a kansa ba.

Yanzu ga inda abin ke lalacewa, domin yana lalacewa. Na farko kara. A ce wa ɗalibanmu su auna juna, da yawa za su rubuta 20, 20, 20, 20, 20, su miƙa, musamman in sun san wakilin aji zai gani ko shugaba ce za ta tattara. Ba wanda ke son a ce shi ya kayar da ɗan garinsu. Alamar a fili take, takardu shida duk iri ɗaya a rukunin da aka san an yi faɗa. Maganinta kowa ya ninke takardarsa ya sa a hannun malami kai tsaye, kuma malami ya sanar da jimla kawai, kada ya faɗi wa ya ba wa nawa.

Na biyu haɗin baki. Abokai uku a rukunin shida za su iya yarda su cika wa juna ƙuri'a. Ana gane shi idan aka jera takardun: ukun suna ba juna 35 ko 40, sauran ukun kuwa ba wanda ya ba su fiye da 15. Haka ramuwar gayya, mutum ɗaya ya ba wani sifiri alhali huɗu sun ba shi 25. Duk ƙuri'ar da ta yi nisa da sauran haka, a ajiye ta gefe a duba dalilin da aka rubuta. Wanda ya rubuta "ba ta da kirki" bai kawo shaida ba. Wanda ya rubuta "an ba shi sashe na 3, ranar Laraba bai kawo ba, ni na rubuta" ya kawo abin da za a iya bincika.

Na uku ya fi ɓoyuwa. Ƙuri'a tana bin abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. Mai zuba Turanci a zama yakan samu fiye da haƙƙinsa, mai shiru ya samu ƙasa, kuma a ajin da ya haɗa 'yan kowane sashe na ƙasar nan, kamar yadda azuzuwan Zariya suke, yare da addini da jinsi suna iya lallaɓowa cikin lissafin ba tare da mai ƙuri'ar ya lura ba. Dubi mai bakinmu. Ya samu 100 cif, alhali sashensa kwafe ne wanda da ya shiga rahoton da duk rukunin ya jawo wa tuhumar satar rubutu. Minti goma na gaban aji sun rufe masa asiri. Ƙuri'a kaɗai ba za ta kama wannan ba, sai an haɗa ta da rubutacciyar shaida.

Shaidar nan ba wani abu mai wuya ba ne, ita ce mayar da kunyoyin gona. A zaman farko a ɗauki takarda ɗaya a ja layi huɗu: aikin, mai shi, ranar kawowa, ranar da ya kawo. Kada a rubuta "kowa ya taimaka da rahoto." A rubuta "takardar tambaya lamba 31 zuwa 40, wane, Litinin." A ɗauki hoton takardar a sa a zauren WhatsApp, kuma duk wanda ya gama nasa ya tura can, ba ta bayan fage wa shugaba ba, don kwanan wata ya zauna. Masu rubutu a Google Docs suna da Version history, wanda ke nuna wa ya rubuta me da yaushe, sai dai a yi hattara da shi: a rukunin da kwamfuta ɗaya ce, komai da sunan mai kwamfutar zai fito, har abin da wani ya rubuto a takarda da biro. Takardun tambaya ma suna magana. Goma da aka cike a titi za ka gan su da lanƙwasa da datti da amsoshi masu saɓa wa juna. Goma da aka cike a gindin bishiya da biro ɗaya za ka gan su fes, amsoshin kamar tagwaye.

Ba zan bar shugabar ta wuce ba tare da nata laifin ba. Sau da yawa wanda ya fi kuka da cima-zaune shi ya ƙera su. Ta karɓi sashen wani ta ga bai yi mata ba, ba ta mayar masa ya gyara ba, ta sake rubutawa cikin dare ba ta faɗa ba. Sau biyu aka yi haka, kowa ya gane cewa ko ya yi ko bai yi ba aikin zai fito, sai hannuwa suka saki. Akwai kuma kishiyar wannan, mai ƙoƙarin da ya ga kura ce shi da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, sai shi ma ya ja baya da gangan, rahoton ya fito na 9 maimakon 14, kowa ya yi asara. Duk biyun daga rashin magana da wuri suke tasowa. Aikin da bai yi kyau ba a mayar wa mai shi da bayanin abin da ya rage da kwana biyu na gyara. In bai gyara ba, sannan wani ya karɓa, a rubuta a takarda cewa an karɓa.

Lokaci shi ne kusan komai a nan, ba a fafe gora ranar tafiya. A aikin mako huɗu, ƙarshen mako na biyu ne ya dace a yi ƙuri'ar gwaji wadda ba ta taɓa maki. Wanda ya ga kansa a 40 a ranar yana da mako biyu ya farfaɗo, kuma ba zai ce an yi masa kwanton ɓauna ba. Wanda ya ɓace kuma a bi shi mataki-mataki. Mutum ɗaya ya kira shi a waya, shi kaɗai, ba a zaure ba, tambaya ta farko kuma "Lafiya dai ko?" ce, domin amsarta ce ke raba wanda ya kasa da wanda ya ƙi. In ba uzuri, a rubuta masa a zaure aikin da ke kansa da ranar ƙarshe. In ranar ta wuce, mutum biyu su je wurin malami da takardar rabon aiki, ana saura mako guda aƙalla, su ce, "Malam, ga abin da muka ba shi, ga ranar da muka kira, ga ranar da muka rubuta masa, mun zo ne ka yanke." Malamin da aka zo wa haka yana da abin yi. Wanda aka tare a bakin ofis ranar karɓa da hayaniya, ba abin da zai ce sai "ku je ku sasanta."

Dalilin da ya sa na nace a kan malami shi ne cire suna ba hurumin ɗalibai ba ne. Su shaidu ne, ba alƙalai ba. Rukunin da ya goge sunan wani a shagon firintin ba tare da sanarwa ba ya yanke hukuncin sifiri ba tare da an ji ta bakin mai shi ba, kuma in maganar ta kai gaban shugaban sashe, su za a fara tambaya. Sa sunan wanda bai yi komai ba kuma shaida ce a kan abin da bai faru ba, ko da tausayi ne ya sa. Tsakanin biyun akwai hanya: sunan kowa ya hau bangon gaba kamar yadda aka kafa rukunin, sannan a ƙara shafi ɗaya a ƙarshe mai nuna wa ya yi me, kowa ya sa hannu. Wanda gurbinsa ya fito fayau, shafin ya faɗi abin da ya faɗa ba tare da an zagi kowa ba.

Wannan shafin shi ne kuma abin da ya rage wa ɗalibai idan malami ya ce ba shi da lokacin lissafin ƙuri'a, kuma ba za a ga laifinsa ba: aji mai mutum 300 rukuni 50 ne, takardar ƙuri'a 300. Abin da ke cin minti biyu kacal shi ne ranar gabatarwa malami ya zaɓi mai magana da kansa daga jerin sunaye, ya tambaye shi a kan sashen da shafin ya ce nasa ne. "Kai ka cike takarda 31 zuwa 40? Nawa 'yan ga-ruwan suka ce suna sayen kura ɗaya a rijiyar burtsatse?" Wanda ya tsaya a rana ya yi tambayar zai amsa kafin a rufe baki. Wanda aka rubuta wa, ko ya biya wani a waje ya yi masa, nan zai tsaya yana kallon silin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amfaninta na gaske ma tun kafin ranar yake, domin in an sanar a makon farko cewa haka za a yi, kowa ya san akwai makirfo a bakinsa.

Sai mu koma kan ɓataccen namu mai 9. A ce da an kira shi a mako na biyu, sai ya ce mahaifiyarsa ce aka kwantar a asibitin Shika, shi ke kwana da ita. Lissafin ƙuri'a bai san wannan ba, kuma bai kamata ya sani ba, don awon 0.30 gaskiya ne game da aikin da ya yi. Ba a gyara shi da ƙara masa ƙuri'ar tausayi, wanda a lissafin nan daga makin mai goyo da mai kwamfuta za a yanko. Abin da rukuni zai yi shi ne ya raka shi wurin malami da takardar asibiti tun a makon, ya nemi ko a ba shi aikin da zai iya yi daga bakin gado, kamar tantance amsoshi 60 ɗin da karanta rahoto don gyaran kurakurai, ko a cire shi daga rukunin a ba shi asaimen nasa shi kaɗai da ƙarin lokaci. In aka cire shi, rukunin ya koma mutum biyar, kowa ya raba ƙuri'arsa 100 wa mutum huɗu, jimla 500, matsakaici yana nan a 100. Takardunsa 10 kuma a raba biyu-biyu a rubuta, maimakon su faɗa kan mai goyo don kawai ita ce ba ta iya cewa a'a.